Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Bayyana Kayan Gyaran Mota da Babur

Cinikin kayan gyaran mota ya bar gaban kanta ya koma cikin waya. A da, bakanike kan kwance abin da ya lalace, ya ƙunshe shi a tsumma, ya hau babur zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya ajiye tsohon kusa da sabon, ya duba da idonsa. Yau mai mota yana Gusau ko Maraɗi, mai kaya yana Kano ko Ladipo a Legas, kuma abin da ya haɗa su hoto ne guda da layi ɗaya na rubutu. A tura kuɗi, a kai kaya tasha, direba ya iso da su bayan kwana ɗaya ko biyu. Sai an buɗe kwali a gareji ake sanin ko an dace.

Idan ba a dace ba, kowa ya san yadda maganar take tafiya. Mai mota ya ce, "Alhaji, abin nan fa bai shiga ba." Mai kaya ya ce, "Haba ranka ya daɗe, ai Camry 2010 ka ce mini, kuma na Camry 2010 na aiko maka." Abin takaicin shi ne dukansu biyu gaskiya suke faɗa. Babu wanda ya yi niyyar cutar wani. Matsalar tana cikin kalmomin nan biyu, "Camry 2010", domin ba mota ɗaya suke nufi ba.

Abin da ke raba wannan gardama tun kafin ta taso shi ne jerin dacewa, wato rubutaccen bayanin da mai kaya zai haɗa da kowane kaya, yana faɗin motocin da kayan zai shiga da waɗanda ba zai shiga ba. Manyan kamfanonin duniya sun daɗe da gina kasuwancinsu a kan wannan. A Turai akwai kundin TecDoc, a Amurka akwai tsarin ACES, kuma duk aikinsu ɗaya ne: haɗa lambar kaya da takamaimiyar mota. Ɗan kasuwarmu ba ya bukatar waɗannan manyan kundaye kafin ya fara. Yana bukatar ya san abin da ke bambanta mota da 'yar'uwarta, ya kuma rubuta shi.

Mota ɗaya a ido, huɗu a cikin bonet

Mu ɗauki Toyota Camry ta shekarun 2007 zuwa 2011, wadda 'yan kasuwa ke kira Masul, wasu kuma su kira ta ƙarshen zubin Sifaida. Ta cika titunanmu, kuma mafi yawanta daga Amurka aka shigo da ita. Daga nesa duk jiki ɗaya ne. Amma a kasuwar Amurka kaɗai, injuna huɗu aka saka mata. Daga 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu tana ɗauke da inji mai lita 2.4, wanda Toyota ke kira 2AZ-FE. Daga 2010 aka sauya shi da wani inji daban mai lita 2.5, sunansa 2AR-FE. A duk shekarun biyar akwai mai silinda shida, 2GR-FE, mai lita 3.5. Sannan akwai mai haɗa fetur da batir, wadda ita ma nata injin daban ne.

Wanda ya karanta wannan zai iya cewa ai abin da sauƙi: 2009 zuwa ƙasa 2.4, 2010 zuwa sama 2.5. Nan ne ake faɗawa rami. Toyota ta kuma ƙera wannan mota a Ostireliya, ta riƙa tura ta ƙasashen Larabawa, kuma waccan ta ci gaba da amfani da injin 2.4 har 2011. Don haka Camry 2010 da ta fito daga Amurka da Camry 2010 da ta biyo ta Dubai suna iya tsayawa gefe da gefe a gareji ɗaya, shekararsu ɗaya, injinsu daban.

Akwai kuma wani ruɗanin a kan ita kanta shekarar. Shekarar samfuri daban, ranar ƙira daban. Camry samfurin 2010 ta fara fita tun a farkon rabin 2009. Mai mota zai buɗe ƙofar direba ya ga takardar da ke manne a jikin ginshiƙi ta nuna watan Yuni na 2009, ya ce wa mai kaya motarsa 2009 ce, alhali samfurin 2010 ce mai sabon inji. Bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya karanta.

To me wannan bambanci yake jawowa a aikace? Mu dubi fulogi, domin shi ne kayan da kowa ke ganin ba shi da wata wahala. Injin 2AZ-FE yana amfani da fulogin Denso mai lamba SK20R11. Injin 2AR-FE yana amfani da SK16HR11. Kaurin zarensu ɗaya, milimita 14, don haka kowannensu zai ɗauru a ramin ɗan'uwansa lafiya lau, kuma wannan shi ne haɗarin. Da ƙin shiga yake yi, da bakanike ya gane tun daga farko. Bambancin yana tsawon zaren: na farko milimita 19, na biyu milimita 26.5. Tazarar milimita bakwai da rabi ke nan, abin da bai kai faɗin farce ba.

Idan aka ɗaura gajeren a injin da ke son dogo, bakin fulogin zai maƙale a cikin rami, bai leƙo ɗakin da fetur ke ƙonewa ba. Motar za ta tashi, amma za ta riƙa rawa a tsaye, tana shan mai, tana yin sanyin jiki a hawa, kuma baƙin hayaƙi zai cike sauran zaren da aka bari a buɗe, ta yadda ranar da aka kawo fulogin gaskiya zai yi wuyar ɗauruwa. Idan kuma aka ɗaura dogon a injin da ke son gajere, abin ya fi muni, domin bakinsa zai zarce ciki har yana iya haɗuwa da kan fistin. Fulogin da bai kai kuɗin cika tanki ba sai ya jawo a sauke tof silinda.

A lura kuma da wani abu. Corolla mai injin 1ZZ-FE, wadda ita ma ta cika gari, tana amfani da SK16R11. Tsakaninsa da SK16HR11 harafi ɗaya ne, H, kuma wannan harafin shi ne ke nuna dogon zare. Yaron shago da ya miƙa hannu kan kanta cikin sauri, ko mai kayan da ya rubuta lamba da ka bai duba kwali ba, harafin nan kaɗai ya isa ya ɓata musu ciniki.

Filtar baƙin mai ita ma haka. Ta injin 2.4 gwangwani ce da ake murɗawa gaba ɗaya, lambarta ta Toyota 90915-YZZF1. Ta injin 2.5 takarda ce zalla da ake zurawa cikin wani kofi, lambarta 04152-YZZA1, kuma ita ce mai silinda shida ma ke amfani da ita. A nan kuskuren ba ya kashe inji, domin ko makaho ya shafa ya san ba iri ɗaya ba ne. Amma an riga an zubar da tsohon mai, mota tana kan rami, filtar da ta dace tana wani gari.

Lambar casis ita ce ke faɗin gaskiya

Kusan kowace mota ta zamani tana da lamba mai harufa da alƙaluma 17, wadda aka fi sani da lambar casis, a takardu kuma ake rubuta VIN. Ana ganinta ta cikin gilashin gaba a ƙasa, wajen direba, da kuma a takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofa. Ba a saka harufan I da O da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Duk wanda ya turo lamba mai ɗauke da ɗayansu, to ya kwafa ba daidai ba, kuma shi ya sa hoto ya fi rubutu da hannu.

Ba sai mutum ya haddace ma'anar duka goma sha bakwai ba. Wurare uku sun wadatar a wannan misali namu. Na farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar: J Japan ce, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, 6 Ostireliya. Na goma, a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, yana faɗin shekarar samfuri: 7 na nufin 2007, 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, daga nan aka koma harufa, A ta zama 2010, B ta zama 2011. A Camry ta Amurka ta wannan zubi, na biyar kuma yana nuna injin. Ga yadda farkon lambar yake kasancewa:

```
4T1BE...  2AZ-FE  2.4
4T1BF...  2AR-FE  2.5
4T1BK...  2GR-FE  3.5
```

Mu koma ga mutumin nan mai takardar watan Yuni 2009. Da mai kaya ya nemi hoton lambar casis, zai ga ta fara da 4T1BF, na goma kuma A ne. Cikin minti ɗaya ya san motar samfurin 2010 ce, ƙirar Amurka, mai injin 2AR-FE, kuma dogon fulogi da filtar takarda take so, ko da mai ita ya rantse 2009 ce.

Ƙasar ƙira ma ba ado ba ce. A wannan Camry, kundayen kaya suna raba fitilun gaba gida biyu, na ƙirar Japan da na ƙirar Amurka, ko da shekarar ɗaya ce. Haka kuma gyaran fuskar da aka yi mata a 2010 ya sauya fitilu da bamba da ragar gaba. Mai sayar da kayan jiki da ya rubuta "fitilar Camry 2007 zuwa 2011" ya haɗa abubuwa da yawa da ba sa zama a mazaunin juna.

Honda Accord ma tana da irin wannan tarko. Wadda ake kira EOD, ta 2003 zuwa 2005, da wadda ake kira DC, ta 2006 da 2007, zubi ɗaya ne, kuma kayan ƙasa da yawa suna shiga juna, amma fitilun baya da murfin but sun bambanta. Accord ta Turai ta waɗannan shekaru kuwa wata mota ce daban gaba ɗaya, suna kawai suka haɗa. Wannan ya fi shafar masu saye daga Nijar, inda motocin Turai suka yi yawa, idan suna odar kaya daga Kano, inda aka fi sabawa da na Amurka.

Yadda bayanin ya kamata ya kasance

Yanzu a ce kai ne mai shago, kana son ka sanya wannan gajeren fulogin a kasuwa. Yawancin abin da ake gani yau bai wuce "Fulogin Camry orijinal, akwai shi da yawa" ba. Ga yadda bayani mai amfani zai kasance:

```
Kaya: fulogi, Denso SK20R11
Lambar Toyota: 90919-01210
Awo: zare 14 mm, tsawon zare 19 mm
Yana shiga: Camry mai injin 2AZ-FE (2.4), ACV30 da ACV40
            RAV4 2006-2008 mai injin 2AZ-FE
Ba ya shiga: Camry mai injin 2AR-FE (2.5) ko 2GR-FE (3.5)
Hali: sabo. Farashi na guda ɗaya ne; mota na shan 4
```

Layuka ne kaɗan, amma kowanne yana toshe wata kafa. A ganina layin da ya fi kowanne daraja shi ne na "ba ya shiga", kuma shi ne wanda 'yan kasuwa suka fi ƙin rubutawa, domin suna ganin kamar korar mai saye ne. Alhali wanda wannan layin ya kora, dama kayan zai dawo da shi, da faɗa a kai. Mutum yana karanta jerin motocin da kaya ke shiga da idon mai neman tasa a ciki. Ya ga "Camry" ya ga shekarar da ta yi kusa da tasa, sai zuciyarsa ta cike masa sauran. Layin "ba ya shiga" ne kaɗai ke tsayar da shi ya sake dubawa. Ba kuma duk motocin duniya za a lissafa a wurin ba. Waɗanda aka san ana rikitawa da su kawai za a ambata, wato maƙwabtan da suka yi kama.

A lura cewa an gina jerin a kan lambar inji da lambar zubi. Waɗannan ACV30 da ACV40 sunayen da Toyota ke kiran zubin motar da su ne, kuma suna nan rubuce a takardar ƙofa. ACV40 ita ce mai 2.4, ASV40 mai 2.5, GSV40 mai silinda shida. Shekara taimako ce kawai. Ƙa'idar da zan ba kowane mai shago ita ce: kayan inji a jera su da lambar inji, kayan ƙafa da birki a jera su da lambar zubi, kayan jiki kuma a ƙara da shekara da ƙasar ƙira.

Sai maganar hagu da dama, wadda ta fi kowace sauƙi kuma ta fi kowace jawo asara. A harkar kayan mota, ana ƙidaya hagu da dama ne daga mazaunin wanda ke zaune cikin mota yana kallon gaba. Bakanike kuwa yana tsaye ne a gaban bonet yana fuskantar motar, don haka damansa hagun motar ne. Mafita ita ce a rubuta duka biyun: "hagu, ɓangaren direba". Lambobin Toyota ma suna taimakawa a nan, domin alƙaluma biyar na farko suna faɗin irin kayan. Shokazoban gaba na dama yana farawa da 48510, na hagu da 48520. Takalmin birkin gaba 04465, na baya 04466. Mai shagon da ya saba da waɗannan zai kama kuskure tun kaya na kan kanta.

Hoto kuma a ɗauke shi don aiki. Hoton kwali mai sheƙi ba ya gaya wa bakanike komai. Abin da yake son gani shi ne lambar da ke jikin kayan, da bakin soket da yawan ƙafafunsa, da ramukan noti, da tef ɗin awo a shimfiɗe kusa da kayan. Idan kayan na hannu ne, irin wanda ake kira Beljiyam, a faɗi haka ƙarara, a nuna inda ya goge ko ya tsage, a kuma faɗi motar da aka ciro shi idan an sani. Dacewa daban, inganci daban. Kaya zai iya shiga daram ya kasance jabu, kuma bayanin da ya yi gaskiya a kan dacewa ya yi shiru a kan hali bai cika ba.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne sauyin lamba. Kamfani kan janye tsohuwar lamba ya maye ta da sabuwa alhali aikin kayan bai sauya ba. Filtar man Corolla da aka daɗe ana sani da 90915-YZZF2, alal misali, an maye ta da 90915-YZZN1. Idan mai shago bai rubuta duka biyun ba, mai saye zai karɓi kaya ya ga lambar ba irin ta tsohuwarsa ba ce, ya ɗauka an yi masa musanya.

Inda lambar casis take ƙarewa

Duk wannan bayani yana da iyaka, kuma iyakar tana da girma a ƙasashenmu. Lambar casis tana faɗin yadda mota ta fito daga masana'anta ne. Ba ta san abin da ya same ta a hannun mutum uku ko huɗu da suka mallake ta ba. Motar da ta shekara goma sha biyar tana yawo, mai yiwuwa an sauke injinta an ɗora wani, an sauya giyabos, ko an yi mata kwaskwarimar fuska don ta yi kama da sabon samfuri. Camry 2008 da aka sanya wa fuskar 2010 abu ne da ake gani a kasuwar motoci. Akwai kuma motocin da aka shigo da su da sitiyari a dama aka mayar da shi hagu. Lambarsu tana cewa abu ɗaya, abin da ke ƙarƙashinsu yana cewa wani.

Saboda haka tambaya ta biyu bayan lambar casis ita ce, "An taɓa sauya inji ko giya?" Idan amsar e ce, ko mai motar bai sani ba domin shi ma a hannu ya saya, sai a koma ga shaidar ido. Lambar inji tana buge a jikin bulok, bakanike ya goge wurin ya ɗauki hoto. A Camry ɗin nan ma akwai gajeriyar hanya: a leƙa filtar mai, in gwangwani ce to 2.4 ne. Mafi tabbaci duka shi ne hoton tsohon kayan da aka kwance, da lambarsa a fili. Idan lambar casis da tsohon kaya suka saɓa, tsohon kayan za a bi, muddin motar tana aiki lafiya da shi kafin ya lalace.

Babur: a nan awo ne sarki

A wajen babur lamarin ya ɗan sauya, domin sunan da ke jikin tanki ba ya faɗin komai sosai. Babura da yawa da ake shigowa da su daga Sin sunayensu daban-daban ne amma injinsu kwafin juna ne, yawanci kwafin tsofaffin injunan Honda ko Suzuki. Ta ɗaya ɓangaren kuma, suna ɗaya na iya ɗaukar injuna daban: Bajaj Boxer akwai BM100 akwai BM150, kuma wanda ya ce "fistin ɗin Boxer" bai gama magana ba.

Injunan Sin suna da lamba a buge a gefen inji ta hagu, kusa da fedar giya, kuma tana karantuwa. A 156FMI, alal misali, 1 na nufin silinda ɗaya, 56 na nuna faɗin silinda a milimita bisa kusanci, F na nufin iska ke sanyaya shi, M na nufin injin babur ne, harafin ƙarshe kuma girmansa: H na nufin 110, I na nufin 125, J na nufin 150. Ƙananan baburan da ake kira roba-roba sukan ɗauki lamba irin 152FMH. Mai shagon da ya jera kayansa da waɗannan lambobi ya huta da haddace sunayen kamfanoni ashirin.

Amma lambar tana faɗin girma ne, ba ta faɗin duk abin da ke ciki. Fistin na injin da aka kwafa daga Honda CG125 faɗinsa milimita 56.5 ne, fil ɗinsa milimita 15. Na injin da aka kwafa daga Suzuki GN125 faɗinsa 57, fil ɗinsa 14. Duka biyun 125 ne, a hannu kuma ba mai bambanta su da ido. Don haka bayanin fistin dole ya ɗauki abu uku: faɗi, kaurin fil, da matakin girma. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci domin babur ɗin da ya yi aikin haya an sha yi wa silindarsa ribowa. Bayan sitanda akwai 0.25, da 0.50, da 0.75, da 1.00. Wanda aka faɗaɗa wa silinda zuwa 0.50 ya sayi fistin sitanda, babur ɗinsa zai tashi yana ƙara, yana hayaƙi, yana shan baƙin mai, ba ƙarfi. Yawanci matakin yana buge a kan tsohon fistin. A kankare baƙin da ke kansa za a gani.

Sarƙa ma haka take. Lamba 420 da 428 tazarar haƙoransu ɗaya ce, milimita 12.7, amma 428 ta fi faɗi da kauri. Sarƙar 420 ba za ta zauna a kan sifiroket na 428 ba. Ta 428 kuwa za ta hau na 420 tana wasa gefe da gefe, ta cinye haƙoran kafin lokaci. Bayanin da ya cika zai faɗi lambar sarƙa, da yawan gaɓoɓinta, da yawan haƙoran sifiroket na gaba da na baya, da yawan ramukan noti na na bayan.

Wanda ya fi cin kuɗin mutane a ɓoye shi ne ɗan akwatin wuta da ake kira CDI. Akwai mai karɓar wuta daga kwayil, wato AC, akwai mai karɓa daga batir, wato DC, kuma soket ɗinsu na iya zama iri ɗaya sak. A sa wanda bai dace ba, babur ya ƙi tashi ko akwatin ya ƙone. Ga shi kuma al'adar kasuwa ce ba a karɓar kayan wuta idan an riga an jona su. Harufa biyu a cikin bayani sun isa su hana wannan asara.

Wa zai ɗauki asara idan aka kuskure?

Jerin dacewa yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: yana zama shaida. Idan mai kaya ya rubuta cewa kayansa na shiga 2AZ-FE, mai saye ya turo hoton da ke nuna injinsa 2AZ-FE ne, kaya ya zo bai shiga ba, to laifin a fili yake, kuma adalci shi ne mai kaya ya karɓi abinsa ya biya kuɗin mota. Idan kuwa an rubuta "ba ya shiga 2.5" mai saye ya yi gaban kansa bai duba ba, shi ma ya san inda asarar ta dosa. Ba rantsuwa, ba kiran shugaban kasuwa. Ya kamata ma a rubuta sharaɗin mayarwa tare da bayanin: kwana nawa, kuma a wane hali. Ga mai saye, wannan na nufin a gwada sabon da tsohon gefe da gefe kafin a ɗaura, kafin a yaga leda ko a shafa masa mai.

Na san abin da mai shago zai ce: kaya dubu ne a shagon nan, yaushe zan zauna rubuta wa kowanne tarihi? Ba a ce a yi duka rana ɗaya ba. A fara da kayan da aka fi dawowa da su, domin kowane mai shago ya san su ba sai ya duba littafi ba. A rubuta bayanin sau ɗaya, daga kwalin kayan da kundin kamfanin da ya yi shi, a adana a waya, a riƙa turawa duk wanda ya tambaya. Duk ranar da kaya ya dawo, a tambayi dalili, a ƙara wannan motar a layin "ba ya shiga". Abin da kawai ba shi da kyau shi ne a kwafo jerin wani ba a tantance ba, ko a tsawaita shi da motocin da ake zato, domin jerin ƙarya ya fi rashin jeri cutarwa: mai saye ya amince da shi ya daina tambaya.

Kai kuma mai mota ko babur, kafin ka tura ko sisi, fita ka ɗauki hoto uku: lambar casis, lambar inji, da tsohon kayan da lambarsa a fili. Ka tura wa mai kaya, ka roƙe shi ya rubuto maka lambar abin da zai aiko da kuma injin da yake shiga. In ya ce maka "kada ka damu, duk ɗaya ne" ya ƙi rubutawa, nemi wani shagon.